Makin `perplexity` ya fito 14: ko wannan ya isa a ce inji ne ya rubuta?

Malama Safiya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san abin nan ya warware mini shi. A cikin kundayen kammala karatu da nake dubawa a wannan zangon akwai na wata ɗaliba, da Turanci, a kan noman shinkafa na rani a fadamar Argungu. Wani abokin aiki ya kwafi sakin layi na farko a babi na ɗaya, kalma wajen 60, ya zuba a wani shafi na gano rubutun inji. Shafin ya nuna `perplexity: 14`, a ƙasa kuma ya ce akwai alamar ba mutum ne ya rubuta ba. Yanzu ana batun a mayar mata da kundin. Kafin in sa hannu a kan haka, ina so in san wannan 14 ɗin daga ina ta fito, kuma 14 ce cikin nawa?

Aminu Yauri

Wa alaikumus salam Malama. Ai wannan sunan wata manhajar bincike ce, ana yi mata tambaya tana kawo amsa. Ina jin abin da shafin yake nufi shi ne kashi 14 cikin ɗari na rubutun daga can aka kwaso.

Injiniya Nura, Aliero

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Aminu, akwai manhaja mai wannan suna, amma ba ita ake nufi a nan ba, kuma lambar ba kashi cikin ɗari ba ce. Ma'auni ne da ya girme manhajar nesa ba kusa ba. Masu binciken IBM ne, su Jelinek da Mercer da Bahl da Baker, suka fito da sunan a 1977, lokacin da suke aikin koya wa kwamfuta jin maganar mutum. Ni a aji nakan ce masa makin ruɗewa, domin abin da yake aunawa ke nan: yadda rubutun ya ruɗa injin da ke karanta shi.

Malama, a bayan wancan shafin akwai injin harshe guda, mu kira shi injin awo. Ba ya karanta sakin layin gaba ɗaya ya yanke hukunci. Bin sa yake yi kalma bayan kalma, a kowane mataki ana rufe masa abin da ke gaba, a ce ya raba yiwuwa a kan duk kalmomin da ya sani. Sannan a buɗe kalmar da marubucin ya sa, a duba nawa injin ya ba ta.

Bari in ƙirƙiro misali da lambobi na ƙiyasi don lissafin ya fito. An ba injin farkon jimla, "Manoman Argungu", marubucin kuma ya ci gaba da "sun fara girbin shinkafa". A ce injin ya ba "sun" 0.5, ya ba "fara" 0.25, ya ba "girbin" 0.2. Da aka zo ta ƙarshe, tunda ya ga Argungu ya ga girbi, sai ya ba "shinkafa" 0.8. Kowace lamba za a ɗauki logaridim ɗinta, wato maɓallin `ln` na kalkuleta. Za a samu -0.693 da -1.386 da -1.609 da -0.223. A haɗa su, -3.912. A raba da huɗu, a cire alamar ragi, ya zama 0.978. Sai a danna `exp` a kan wannan, amsa ta fito 2.66. Makin ruɗewar jimlar ke nan. Ga shi a dunƙule, inda `PPL` shi ne makin, N yawan kalmomi, p kuma yiwuwar da injin ya ba kowace kalma:

```
PPL = exp( -(1/N) * Σ ln p(x_i | x_1 ... x_(i-1)) )
```

Ma'anar 2.66 ita ce, a kowane mataki injin yana kamar wanda ya zo mararraba mai hanyoyi tsakanin biyu da uku, duk iri ɗaya a idonsa. Wanda ke cankar tsabar kuɗin da aka wurga sama makinsa 2 ne. Mafi ƙarancin da za a iya samu shi ne 1, idan injin bai yi kokwanton ko kalma ɗaya ba. A sama kuwa ba iyaka. Don haka 14 ɗinki ba cikin ɗari ba ce, ba cikin komai ba ce. Tana cewa ne injin wancan shafin ya ji kamar yana zaɓe tsakanin abu 14 a kowane mataki.

Malam Umaru Argungu

Injiniya, Allah shi ƙara basira. Amma mi ya kawo dogon zagaye da logaridim? In na gane, matsakaicin lambobin ne anka ɗauka anka juya. A haɗa 0.5 da 0.25 da 0.2 da 0.8, a raba huɗu, 0.44 ke nan, ɗaya a raba da shi ya ba da 2.3. Ai kusan dai da naka.

Injiniya Nura, Aliero

Malam Umaru, ka kama rabin hanyar. Matsakaici ne, kuma ana juya shi, amma na ninkawa ne ba na tarawa ba. A wannan jimlar sun zo kusa saboda ba kalmar da ta ba injin mamaki. Canja kalmar ƙarshe ka gani. A ce marubucin ya rubuta "sun fara girbin kankana", injin kuma 0.002 kacal ya ware wa kankana. A lissafinka za ka tashi da 4.2. A lissafin gaskiya logaridim na 0.002 shi ne -6.215, jimilla ta koma -9.903, a raba huɗu 2.476, maki ya zama 11.9. Kalma ɗaya ta ɗaga shi daga 2.66 zuwa kusan 12.

Dalilin ninkawar shi ne, yiwuwar jimla gaba ɗaya ita ce yiwuwar kalma ta farko sau ta biyu sau ta uku har ƙarshe. Ta shinkafa ta ba da 0.02, wato ɗaya cikin 50. Ta kankana ɗaya cikin 20,000. Logaridim kuwa dabara ce ta mayar da ninkawa tarawa, domin idan ka ninka ƙananan lambobi ɗari biyar a jere kwamfuta za ta mayar maka da sifili.

Wannan kuma ya taɓa batun Malama kai tsaye. A rubutu gajere, kalma ɗaya ko biyu marasa tsammani suna iya juya makin gaba ɗaya, rashinsu ma haka. Kalma 60 sun yi kaɗan ƙwarai a gina hukunci a kansu.

Malama Safiya, Birnin Kebbi

Na gane lissafin, na ma gwada a kalkuletar wayata ya fito 2.66. Abin da ban gane ba, me ya haɗa ƙaramin maki da rubutun inji? Mutumin da ya iya rubutu mai tsabta ai shi ma ba zai ruɗa mai karatu ba.

Injiniya Nura, Aliero

Alaƙar tana cikin yadda inji ke rubutu. Injin da ke rubutawa da injin da ke aunawa aiki ɗaya suke yi, raba yiwuwa a kan kalma ta gaba. Bambancin kawai, mai rubutawa yana zaɓar ɗaya daga jerin ya ci gaba. Kuma galibi ba a barinsa ya zaɓa daga jerin duka. Koma kan misalinmu: bayan "girbin", a ce shinkafa na da 0.8, gero 0.1, dawa 0.05, sauran ɗan abin da ya rage an watsa shi a kan dubban kalmomi, har da kankana. Akwai saiti mai suna `top_p`. Idan aka sa shi 0.9, injin zai tara daga sama har ya cika 0.9 ya yar da saura. Shinkafa da gero ne kaɗai suka rage a faifai, kankana ba za ta taɓa fitowa ba. Akwai kuma `top_k`, wanda ke cewa a tsaya ga kalmomi 40 na sama, misali. Sai `temperature`, wanda idan aka rage shi ƙasa da 1 yake ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi: kalmomi biyu masu 0.8 da 0.2, in aka sa shi 0.5, sukan koma wajen 0.94 da 0.06.

To rubutun da aka gina da irin wannan zaɓe, kalma ɗari bayan ɗari, ba shi da kankana a ciki. Da injin awo ya bi ta kansa, kusan kowace kalma tana cikin waɗanda shi ma zai sa a gaba, musamman da yake injinan nan yawanci a kan rubuce-rubucen intanet masu kama da juna aka horar da su. Sai maki ya sauka.

Mutum kuwa ba don kalma ta fi yiwuwa yake sa ta ba. Yana sa ta ne don ita ce abin da ya faru. Ɗalibar da ta je gona za ta rubuta sunan ƙauyen, da kuɗin man injin ban ruwa a watan da ta je, da abin da wani manomi ya ce mata game da tsuntsayen jan baki. Ba injin da zai canki waɗannan. Mafi yawan kalmominta na tsammani ne kamar na kowa, amma jefi-jefi tana sako wanda ba a zata ba, kuma mun ga yadda guda ɗaya ke ɗaga awo.

Akwai wani kayan aiki da aka fitar a 2019 mai suna GLTR, na masu bincike a Harvard da ɗakin binciken MIT da IBM, wanda ke nuna wannan da launi. Kalmar da ke cikin goma na saman jerin injin harshe mai suna GPT-2 kore ce, cikin ɗari rawaya, cikin dubu ja, wadda ta wuce nan shunayya. Rubutun inji yakan fito kore shar da ɗigon rawaya. Na mutum yakan fito da ja da shunayya a warwatse.

Dakta Rabi, Zuru

Injiniya ya yi bayani daidai, amma a lura da inda hujjar ta tsaya. Abin da ya nuna shi ne rubutun inji yakan ba da ƙaramin maki. Bai nuna cewa duk mai ƙaramin maki inji ne ba, kuma tambayar Malama Safiya tana kan gaskiya. Ni na fi damuwa da wannan ɓangaren domin ɗalibanmu ne ke faɗawa ciki.

Abu na farko da ke saukar da maki shi ne haddar injin. Rubutun da ya yawaita a intanet, injin ya gan shi sau da yawa lokacin horo, don haka ba ya ruɗa shi ko kaɗan. A 2023 an yi ta nuna yadda shafukan nan ke cewa kundin tsarin mulkin Amurka inji ne ya rubuta shi, alhali tun 1787 aka rubuta shi. Na biyu shi ne rubutu mai tsayayyen salo. Babi na ɗaya na kundin ɗalibi kusan duka haka yake. Ana fara shi da cewa shinkafa na daga cikin manyan abincin duniya, a kawo ma'anar noman rani, a ce manufar binciken ita ce kaza. Mu muka koya musu wannan tsarin, mu ke rage musu maki in sun kauce masa. Sakin layin da abokin aikinki ya ɗauka shi ne wurin da ya fi kowane wuri saukar da maki a kundin duka, ko wa ya rubuta shi.

Na uku ya fi zafi. Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne yakan tsaya ga kalmomin da ya tabbatar da su da ginin jimlar da aka koya masa a aji. Ba ya kasada. A 2023 wasu masu bincike a Stanford, Liang da abokan aikinsa, sun ɗauki insha'i 91 na TOEFL, jarrabawar Turanci ta waɗanda ba harshen uwarsu ba ne, duk mutane suka rubuta, suka ba manhajojin gano rubutun inji guda bakwai. A matsakaici, kashi 61 cikin ɗari an ce na inji ne. Da aka ba su insha'in 'yan aji takwas na Amurka kuwa, kusan duka sun gane na mutane ne. Suka kuma ba ChatGPT insha'in TOEFL ɗin suka ce ya ƙawata kalmomin, sai zargin ya ragu sosai. Wato rubutun da inji bai taɓa ba an kama shi, da inji ya sa masa hannu sai ya fi wucewa. Yarinyar da ta tashi da Hausa ko Dakarci a gida, ta koyi Turanci a makaranta, a wannan rukunin take.

Basiru Jega

Malamaina, ni na gwada da kaina a kwamfuta da ƙaramin GPT-2, ga abin da na rubuta:

```python
ids = tok(rubutu, return_tensors="pt").input_ids
with torch.no_grad():
    loss = model(ids, labels=ids).loss
print(torch.exp(loss))
```

Tambayata biyu. Na auna jimla-jimla na ɗauki matsakaicin makinsu, ya bambanta sosai da abin da na samu da na zuba rubutun gaba ɗaya. Sannan na zuba wata wasiƙa ta Hausa da kakana ya rubuta tun kafin a haife ni, makin bai yi sama can ba yadda na zata, alhali injin ba ya jin Hausa. Ina kuskuren yake?

Injiniya Nura, Aliero

Basiru, layukan naka daidai ne. `loss` ɗin nan shi ne matsakaicin logaridim da muka lissafa da hannu, kuma na `ln` ne, don haka `exp` ne abokinsa. Masu kuskure a nan su ne waɗanda ke ɗora shi a kan 2: idan `loss` 3.0 ne, amsar 20.1 ce, su sai su samu 8.

Ta farko, ba a ɗaukar matsakaicin maki. A ce jimla ɗaya mai guntu 30 ta ba da 10, wata mai guntu 10 ta ba da 100. Kai za ka ce 55. Hanyar ita ce ka koma ga logaridim: 30 sau 2.303, a tara da 10 sau 4.605, a raba 40, ya ba da 2.878, maki 17.8. Ban da wannan, duk jimlar da ka ware ita kaɗai ka hana injin ganin abin da ya gabace ta, kalmomin farko za su yi masa wuya, maki ya hau. Idan kuma rubutun ya wuce guntu 1024, iyakar abin da GPT-2 ke iya gani a lokaci ɗaya ke nan. Sai ka riƙa auna guntu 1024 kana matsawa gaba da guntu 512, ka sa `-100` a `labels` na ɓangaren da aka riga aka ƙirga don kada a ƙirga shi sau biyu.

Ka ji ina ta cewa guntu. A baya na ce kalma don sauƙi, amma injin ba kalma yake ƙirgawa ba, guntayen kalma ne, abin da za ka gani a allo da sunan `token`. Amsar tambayarka ta biyu a nan take. GPT-2 na da guntaye 50,257, kuma daga rubutun Turanci aka tsamo su, don haka kalmar Turanci ta yau da kullum takan zama guntu ɗaya. Kalmar Hausa kuwa sai ya farfasa ta gida biyu, uku ko fiye. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu ne a UTF-8, shi ma yana ƙara farfashewar. Buga `tok.tokenize("shinkafa")` ka ga yadda yake yanka ta.

Abin da ke faruwa shi ne N ɗin da ake raba jimilla da shi ya kumbura. A ce jimillar logaridim ɗin wani rubutu 60 ce. In an yanka shi guntu 20, maki 20.1. In an yanka shi 40, maki 4.5. Cankar harafin da zai ƙarasa kalma ya fi sauƙi a kan cankar kalma sukutum, to lambar kowane guntu sai ta yi ƙasa da yadda ka zata ba tare da injin ya fahimci komai ba. Shi ya sa ba a kwatanta makin Hausa da na Turanci, ba a kuma kwatanta makin injina biyu masu yanka daban. In dole ne, a raba jimillar da yawan kalmomi ko yawan bayit, ba yawan guntaye ba.

Malam Umaru Argungu

To wanga ya kawo ni ga wani abu. In injin da anka horar da Hausa ne, Hausar Kano da ta rediyo ce zai fi sani. Ni in na rubuta "sunka tahi" a maimakon "suka tafi", ko "hwara" a maimakon "fara", makina zai hau ke nan? Ashe mu nan yamma ba za a taɓa zarginmu ba.

Dakta Rabi, Zuru

Zai hau, Malam, matuƙar injin bai saba da karin harshen ba. Haka ma in ka bar ƙ da ɗ ba lanƙwasa a wani wuri ka sa a wani, ko ka yi kuskuren bugu. Amma wannan ba kariya ba ce, shaida ce a kan raunin ma'aunin. Ɗalibin da ya yi ƙoƙari ya rubuta daidaitacciyar Hausa yadda aka koya masa shi ne makinsa zai sauka. Wanda kuma ya karɓo daga inji ya bi ya sauya 'yan kalmomi zuwa Kabanci, nasa ya hau. Babban maki ba ya wanke kowa, kamar yadda ƙarami ba ya kama kowa.

Aminu Yauri

Na gane kuskurena na ɗazu. To amma a faɗa mana lamba. Daga nawa zuwa ƙasa ne inji? Na taɓa jin ana cewa ƙasa da 20.

Injiniya Nura, Aliero

Ba wata lamba da ke aiki ko'ina, Aminu. Makin ba na rubutun ba ne shi kaɗai, na rubutun ne tare da injin da ya auna shi. Sakin layi ɗaya, ƙaramin inji zai ba shi maki babba, babban inji ya ba shi ƙarami, don ya fi iya canka. Mudun Jega da na wata kasuwa ba lallai su zo ɗaya ba, kuma shafin da aka yi amfani da shi bai gaya wa Malama da wane mudu ya auna ba.

In sashe na son ya yi amfani da abin da gaske, ga yadda zan yi. A ɗauko tsofaffin kundaye na sashen da aka kammala kafin 30 ga Nuwamba 2022, ranar da ChatGPT ya fito, kamar guda 50. Daga kowanne a cire kalma 300 na babi na ɗaya, a cire 300 na babin sakamako, a ware su daban. A sa inji ya rubuta wasu 50 a kan irin batutuwan. A auna duka da injin awo ɗaya, tsawo ɗaya. Sannan a jera makin a duba inda rukunin biyu suka shiga juna. Duk inda ka ja layi, ƙirga tsofaffin kundaye nawa suka faɗa ƙasansa. Waɗannan su ne mutanen da za ka zalunta da wannan layin. In 14 ta faɗo a tsakiyar makin tsofaffin ɗalibai, to ba ta ce komai ba.

Masu yin manhajojin ma sun san lambar ita kaɗai ba ta isa. GPTZero, wanda Edward Tian ya fitar a Janairun 2023 yana ɗalibi a Princeton, ya haɗa ta da `burstiness`, wato yadda makin ke hawa da sauka daga jimla zuwa jimla, don na mutum yakan yi tudu da kwari, na inji ya miƙe. DetectGPT kuma yakan ɗan sauya kalmomin rubutun sau da yawa ya sake aunawa: in kusan kowane sauyi ya rage yiwuwar rubutun, alama ce asalin yana zaune a kan ƙololuwar da inji ke zaɓa. Binoculars na 2024 injina biyu yake amfani da su, yana raba makin rubutun da ruɗewar da injin farko ke yi a kan hasashen na biyu, don ya rage tasirin batun da dama can mai sauƙin canka ne ko mai wuya.

Dakta Rabi, Zuru

A nan ni da Injiniya muka rabu. Shi yana ganin in an daidaita mudu za a iya amfani da shi. Ni ina ganin ko an daidaita, kada ya shiga takardar hukunci. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da nasa mai ganowa a Janairun 2023. Nasa ba wannan makin ya dogara da shi ba, inji ne da aka horar musamman don rarrabewa, amma da bakinsu suka ce kashi 26 cikin ɗari na rubutun inji yake kamawa, yana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi. A Yulin shekarar suka janye shi saboda rashin daidaito. Ɗora kashi 9 a kan aji mai ɗalibai 200 da duk suka rubuta da hannunsu, mutum 18 ke nan za a kira gaban kwamiti.

Ga kuma ɗaya gefen. Wanda ya san abin da yake yi zai ɗaga `temperature`, ko ya ce wa injin ya yi amfani da kalmomin da ba a saba ba, ko ya ba wani injin ya sake fasalin jimlolin, maki ya hau ya wuce abinsa. Ma'aunin ya fi kama wanda bai san ana auna shi ba.

Injiniya Nura, Aliero

Dakta, ban ce a hukunta da shi ba. Na ce yana iya nuna wa malami inda zai ƙara buɗe ido. Malamin da ke da kundi 40 a gabansa, in ya ga babin sakamako, inda ya kamata sunayen ƙauyuka da lambobin gona su cika, ya fito kore shar daga farko har ƙarshe, wannan abin tambaya ne. A babi na ɗaya kuwa ba abin tambaya ba ne.

Dakta Rabi, Zuru

Matsalar ita ce da zarar lamba ta fito a allo, wanda ya gan ta ya riga ya karkata, kuma ɗalibar ce za ta koma tana kare kanta. Malamin da ya karanta babin sakamakon da idonsa zai ga rashin sunayen ƙauyukan ba sai da inji ba.

Malama Safiya, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake buɗe kundin. Sakin layin da aka auna ma'anar noman rani ce da jimla biyu a kan matsayin shinkafa a Najeriya, kusan yadda suke a littafin karatu. Babi na huɗu kuwa akwai sunayen ƙauyuka uku da teburin buhunan da kowane manomi ya samu. Ba zan sa hannu a mayar da shi a kan 14 ba. Zan kira ta ranar Litinin ta zo da takardun tambayoyin da ta cike a gona, ta bayyana mini teburin da bakinta.

Saura abu ɗaya. Idan ta ce ita ta rubuta, amma ta ba manhaja ta gyara mata nahawu, makin zai iya bambanta wannan da wanda inji ya rubuta daga tushe?

Injiniya Nura, Aliero

Ba zai iya ba, Malama. Gyaran nahawu yana cire kurakurai da ginin jimlar da ba a saba ba, su kuwa suna cikin abin da ke ɗaga maki, don haka in gyaran na sassauta jimla ne makin yakan sauka, in na ƙawata kalmomi ne yana iya hawa kamar yadda Dakta ta kawo. Lambar ba ta ɗauke da tarihin yadda aka yi rubutun. In tana da kwafin farko kafin gyara, ki ce ta zo da shi tare da takardun.

Basiru Jega

Injiniya, na sake auna wasiƙar kakan nawa, wannan karon na raba da yawan kalmomi, makin ya yi tsalle sama sosai. In zan gwada tsarin kundaye 50 ɗin a kan rubutun Hausa, da wane injin awo zan fara, tunda GPT-2 ba zai yi ba?